Tsaga biyu da bango ɗaya: abin da ke buɗe ratsin haske da abin da ke matse shi

A darasin fizik na manyan azuzuwan lise, ɓangaren kimiyya, akwai babin da ake kira gwajin Young. Ɗaliban Dogondutsi da Matankari da Tibiri da Kore Mairuwa masu shirin jarrabawar bak suna haddace ƙa'idarsa kamar yadda takwarorinsu na Yamai da Maradi ke yi, domin gajeriya ce, haruffa huɗu kacal. Matsalar tana fitowa ne idan aka juya tambayar, aka ce: in an matso da tsagogin biyu kusa da juna, me zai faru a bango? Wanda ya haddace ba tare da ya gane ba yakan ce zanen zai matse shi ma. Amsar gaskiya ita ce zanen buɗewa zai yi. Wannan bayani zai bi dalilin hakan daki-daki, da lambobin da kowa zai iya sake lissafawa, da kayan da ake samu a kasuwa.

Abin da ake gani a bango

Gwajin kansa ba shi da wuyar faɗi. Ana samun haske mai launi ɗaya, misali ƙaramar fitilar lazer ja irin wadda ake nuna rubutu da ita a allo. Ana haska ta a kan wani shamaki da aka yi wa tsaga biyu sirara, a jere, kusa da juna ƙwarai. Can nesa, mita uku ko huɗu, akwai bango fari a cikin ɗaki mai duhu.

Mutum zai zaci layi biyu na haske zai gani, ɗaya daga kowace tsaga. Abin da ke bayyana kuwa jeri ne na ratsi-ratsi: haske, duhu, haske, duhu, kamar ratsin saƙi, kuma tazarar da ke tsakanin kowane ratsi mai haske da na kusa da shi iri ɗaya ce. Wannan tazarar ce littattafan faransanci ke kira antarfaranj, suna rubuta ta da harafin i. Ita ce kan maganarmu.

Thomas Young, likita ɗan ƙasar Ingila da ya rayu daga 1773 zuwa 1829, shi ne ya fara kafa hujja da irin wannan zane. A 1803 ya bayyana wa ƙungiyar masana ta birnin London yadda ya raba siririn hasken rana gida biyu da ɗan yankin kati, ya ga ratsi a cikin inuwar. Bayanin tsaga biyun ya fito a littafin laccocinsa na 1807. Bafaranshe Augustin Fresnel ne ya zo da cikakken lissafin daga baya, aikin da ya ba shi kyautar majalisar masana kimiyya ta Paris a 1819. Daga nan masana suka fara karɓar cewa haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa.

Me ya sa haske da haske ke haifar da duhu

Wanda ya taɓa tsayawa bakin Tapkin Saw a Dogondutsi, ko wani tapki na Dallol Mauri bayan ruwan sama, ya san yadda igiyar ruwa ke bazuwa: tudu, kwari, tudu, kwari. Nisan da ke tsakanin tudu ɗaya da na bayansa shi ne tsawon igiya. A lissafi ana rubuta shi da harafin Girkanci λ, wanda ake karantawa lamda.

A ce mutum ya riƙe kara biyu yana taɓa ruwan da su tare, bugu ɗaya, ba tsayawa. Igiyoyi za su tashi daga wuri biyu su ratsa juna. Inda tudun wannan ya haɗu da tudun wancan, ruwan zai yi tsalle sosai. Inda tudun wannan ya faɗa cikin kwarin wancan, sai su cike juna, ruwan ya kwanta kamar ba a taɓa shi ba.

Haka tsagogin biyu suke yi wa haske. Igiya ɗaya ce ta iso su, don haka abin da ke fita daga cikinsu yana tashi ne tare, bugu ɗaya. Abin da zai faru a kowane wuri a bango ya danganta da abu guda: bambancin nisan da igiyoyin biyu suka yi kafin su isa wurin. A tsakiyar bango nisan daidai yake, tudu ya tarar da tudu, sai a sami ratsi mai haske. In aka gusa gefe kaɗan, an kusanci tsaga ɗaya, an nisanci ɗayar. Idan bambancin ya kai rabin tsawon igiya, tudu zai tarar da kwari, wurin ya yi duhu. Idan ya kai tsawon igiya guda cif, tudu ya sake tarar da tudu, haske ya dawo. Hasken da ya ɓace a wuraren duhu bai lalace ba, a wurare masu haske ya taru, shi ya sa suke fin abin da tsaga ɗaya za ta bayar ƙarfi nesa ba kusa ba.

Saboda haka tazarar ratsi tana da ma'ana mai sauƙi: ita ce tafiyar da za a yi a jikin bango kafin bambancin hanyoyin biyu ya ƙaru da tsawon igiya guda.

Lissafin, da lambobi na gaske

Akwai tsayi uku da ke shiga lissafin. Na farko λ, tsawon igiyar hasken. Na biyu a, nisan da ke tsakanin tsagogin biyu, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan. Na uku D, nisan da ke tsakanin tsagogin da bango.

Idan bango yana da nisa sosai, kuma ba mu yi nisa da tsakiyarsa ba, bambancin hanyoyin biyu a wurin da ke nisan x daga tsakiya shi ne:

δ = a × x / D

Mu ɗauki misali ɗaya da za mu riƙe har ƙarshe. Tsagogin suna da milimita 0,2 a tsakaninsu, bango yana nisan mita 4, wato milimita 4000. In aka raba 0,2 da 4000, ana samun kashi ɗaya cikin 20 000. Ma'anarsa, duk milimita guda da ka gusa a jikin bango, bambancin hanyoyin yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin dubu ashirin na milimita. Wannan ɗan tsayi shi ne nanomita 50, domin milimita guda nanomita miliyan ɗaya ce.

Jan lazer da aka fi sayarwa yana da tsawon igiya na wajen nanomita 650. Sau nawa 50 za ta shiga cikin 650? Sau 13. Ke nan sai an gusa milimita 13 kafin bambancin ya cika igiya guda. Tazarar ratsin ita ce milimita 13, kusan faɗin ɗan yatsa. Abin da ƙa'idar littafi ke faɗi ke nan a dunƙule:

i = λ × D / a

A lura da abin da ya faru. Tsawon igiyar haske ƙanƙane ne ƙwarai: sai an jera fiye da 1500 na jan haske kafin a cika milimita guda. Babu idon da zai gan shi. Amma tsaga biyu da bango sun ninka shi sau 20 000, har ya zama abin da ɗalibi zai auna da ma'aunin da ke cikin jakarsa. Lambar D/a ita ce ƙarfin wannan ninkawa. Wanda ya riƙe wannan tunani zai iya amsa kowace tambaya a kan sauya launi ko sauya tazarar tsaga ko da ƙa'idar ta kwance masa a ɗakin jarrabawa.

Idan aka sauya launin haske

Launi shi ne yadda ido ke karanta tsawon igiya. Ja yana da igiya doguwa, tsanwa matsakaiciya, shuɗi da shunayya gajeru. Abin da idon mutum ke gani yana tsakanin nanomita 400 da wajen 750 ko 800.

Mu bar tsagogin da bangon yadda suke, mu cire jan lazer mu sa tsanwa, mai nanomita 532. Har yanzu kowace milimita a bango tana ƙara nanomita 50. Amma yanzu 532 kawai ake buƙata a cika, don haka tafiyar ta ragu: 532 a raba da 50, milimita 10,6. In aka sa lazer mai launin shunayya na nanomita 405, tazarar ta zama milimita 8,1. Igiya gajeriya tana cika da wuri, ratsin ya matse. Igiya doguwa tana buƙatar tafiya mai tsawo, ratsin ya buɗe. Abin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa: in tsawon igiya ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari, tazarar ma ta ƙaru da kashi goma cikin ɗari.

Akwai ratsi ɗaya da ba ya motsi ko wane launi aka sa, shi ne na tsakiya, domin a can bambancin hanyoyin sifili ne. Wannan ne ke bayyana abin da ake gani da farin haske. Farin haske haɗin dukkan launuka ne, kuma kowane launi yana shimfiɗa nasa zanen da tasa tazarar. A tsakiya duk suna haɗuwa, ratsin ya fito fari. A ratsi na gaba shuɗi ya riga ya tsaya kusa da tsakiya, ja kuma ya wuce can waje, sai ratsin ya yi baki-baki masu launi kamar bakan gizo. Bayan ƴan ratsi kaɗan, hasken wannan launi yana faɗawa cikin duhun wancan, zanen ya dagule ya koma fari-fari. Dalilin da ya sa ake son haske mai launi ɗaya wajen awo ke nan.

Tsawon igiya yana iya sauyawa ko ba a taɓa fitilar ba. A cikin ruwa haske yana rage gudu, igiyarsa ta gajarce da kashi 1,33. Da za a cika sararin da ke tsakanin tsagogin da bango da ruwa, jan hasken nan na 650 zai koma wajen 489, tazarar ratsin ta sauko daga milimita 13 zuwa 9,8. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tambaya, kuma amsarta raba tazarar da 1,33 ne kawai.

Idan aka sauya tazarar tsagogin

A nan ne hankali ke yaudarar mutum. Mu yi tunanin gida biyu a bakin wani fili mai faɗi, kai kuma kana can ɗaya ƙarshen filin. In gidajen katanga ɗaya ta raba su, duk inda ka tsaya nisanka da su kusan ɗaya ne. Sai ka yi tafiya mai yawa gefe kafin ɗaya ya fi ɗaya kusa da kai da taku guda. In kuwa gidajen suna da rata sosai, ɗaya gabas ɗaya yamma, ɗan gusawa kaɗan ya isa ya kawo wannan bambanci na taku guda.

Haka tsagogin suke. In suna manne da juna, bambancin hanya yana taruwa a hankali, sai an yi doguwar tafiya a bango kafin ya cika igiya guda, ratsin ya fito da faɗi. In suna da rata, bambancin yana taruwa da sauri, ratsin ya matse.

Da jan lazer ɗinmu da bango a mita 4: a tazarar milimita 0,2 mun sami milimita 13. In aka rage tazarar zuwa 0,1, kowace milimita a bango nanomita 25 kawai take ƙarawa, ratsin ya ninka ya zama milimita 26. In aka ƙara ta zuwa 0,4, ratsin ya rabu biyu ya zama 6,5. A milimita 1, ya koma 2,6. In kuma wani ya yanka tsaga biyu da santimita guda a tsakaninsu, tazarar ratsin za ta zama milimita 0,26, kusan kaurin takarda uku, abin da ido ba zai rarrabe daga nesa ba. Ban da haka, ɗigon ƙaramin lazer bai kai faɗin da zai rufe tsagogin biyu a lokaci ɗaya ba. Shi ya sa ba a ganin wannan zane a kafofin taga ko na zana, kuma shi ya sa ɗalibin da ya yanka kwali da almakashi yakan tashi bai ga kome ba.

Nisan bango shi ne mafi sauƙin fahimta: in aka ninka shi, ratsin ya ninka faɗi, sai dai hasken ya ƙara dishewa domin ya bazu a wuri mai yawa. Ƙarfin fitila kuwa ba ya cikin lissafin. Batir sabo yana ƙara wa ratsin haske, ba ya gusar da shi ko da ɗan kaɗan.

Yadda ake haɗa gwajin da kayan gida

Tsohuwar dabarar ɗakunan gwaji tana buƙatar ɗan gilashi mai tsabta, kyandir da reza biyu sababbi, irin masu baki biyu. Ana riƙe gilashin a saman harshen kyandir har hayaƙi ya rufe fuskarsa da baƙi. Sai a haɗa rezojin biyu jiki da jiki, bakinsu daidai, a ja su sau ɗaya a kan baƙin, ba tare da dannawa sosai ba. Za su bar layi biyu sirara. Tazarar da ke tsakanin layukan ita ce kaurin reza guda, wato wajen milimita 0,1.

Don a sauya tazarar, sai a cusa takardar rubutu tsakanin rezojin. Ƙunshin takarda 500 na ofis yana da kaurin wajen santimita 5, ke nan kowace ɗaya wajen milimita 0,1 ce. Takarda ɗaya a tsakani tana ba da a na wajen 0,2, uku suna ba da wajen 0,4. In aka ja layuka kala uku a gilashi ɗaya, ajin zai ga da idonsa ratsin yana matsewa daga wajen milimita 26 zuwa 13 zuwa 6,5, ba tare da an taɓa fitila ko bango ba.

Dole a kafa lazer ɗin a kan tebur, kada a riƙe shi a hannu, domin rawar hannu tana goge zanen. A rufe tagogi, ko a jira magariba. Kuma kada a taɓa haska lazer a idon kowa ko a leƙa cikinsa, musamman tsanwa, wanda sau da yawa ƙarfinsa ya wuce abin da aka rubuta a jikinsa. A lura da hasken da gilashin ke mayarwa baya, a juya shi inda ba mutane.

Fitila biyu dabam-dabam ba za su maye gurbin tsaga biyu ba. Ko da launinsu ɗaya ne, kowace tana tashin igiyarta ba tare da ta jira ƴar'uwarta ba, wuraren haske da na duhu suna sauyawa da saurin da ido ba zai bi ba, sai a ga haske bai ɗaya. Sharaɗin shi ne igiya ɗaya a raba ta biyu.

Juya lissafin: auna tsawon igiya da ma'aunin aji

Amfanin gwajin na gaske shi ne a juya shi. A ce an ba ɗalibi lazer tsanwa ba a gaya masa tsawon igiyarsa ba. Ya manna farar takarda a bango, ya sa ɗigon fensir a tsakiyar kowane ratsi mai haske. Bai kamata ya auna tazara ɗaya ba, domin kuskuren rabin milimita a kan milimita goma yana da yawa. Sai ya auna daga ratsi na farko zuwa na ƙarshe da yake gani sosai. A ce ya ƙirga ratsi tara, ya sami milimita 85 daga na farko zuwa na tara.

A nan ne kuskure na farko yake. Manomin da ya sara rami tara a layi ɗaya ya san taku takwas ne a tsakaninsu. Ratsi tara suna da tazara takwas. In aka raba 85 da 8, ana samun milimita 10,6. A ninka da nanomita 50 na kowace milimita, a sami wajen 531, wanda ya yi daidai da tsanwa. Wanda ya raba da 9 zai sami 9,4, lissafinsa ya ba shi wajen 472. Wannan lamba ta shuɗi ce, alhali tsanwa yake gani a bango. Idonsa ma ya isa ya gaya masa akwai matsala.

Kuskure na biyu na ma'auni ne. Ana ba da λ a nanomita, a a milimita, D a mita, sai ɗalibi ya zuba su haka nan a na'urar lissafi. Hanya mafi aminci ita ce a mayar da kome mita tun farko:

i = 650 × 10⁻⁹ × 4 / (0,2 × 10⁻³) = 0,013 m

Sannan a tambayi amsar ko ta shiga hankali. Tazarar ratsi a ɗakin aji tana tsakanin wani yanki na milimita da ƴan santimita. In ta fito mita 13, an manta da sifili uku. In ana neman tsawon igiyar hasken da ido ke gani, amsar kuma ta faɗi ƙasa da 400 ko ta haura 800, a koma baya a duba.

Na uku shi ne sanin inda rauni yake a cikin awon. Kuskuren santimita guda a kan mita 4 rubu'in kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba ya cutarwa. Kuskuren milimita guda a kan 85 ya ɗan haura kashi ɗaya cikin ɗari. Amma kuskuren milimita 0,01 a kan a na 0,2 kashi biyar ne cikin ɗari, wato wajen nanomita 27 a sakamakon. Don haka wanda ya yi tsagoginsa da reza, ya sami 510 ko 555 maimakon 532, bai yi aikin banza ba, kaurin rezarsa ne bai sani da kyau ba. Maganin shi ne a fara da jan lazer da aka san tsawon igiyarsa, a fitar da a daga awon, sannan a yi amfani da wannan a ɗin wajen auna tsanwan. Ko ba a san a ba, in aka raba tazarar ja da ta tsanwa, amsar ya kamata ta zo kusa da 650 a raba da 532, wato 1,22.

Faɗin tsaga dabam, tazarar tsaga dabam

Wanda ya kalli bangon da kyau zai ga ratsin ba su da ƙarfi ɗaya. Na tsakiya sun fi haske, na gefe suna dishewa, wani ma ya ɓace gaba ɗaya, sannan wasu raunana su sake fitowa. Wannan aikin faɗin kowace tsaga ne. Tsaga siririya tana watsa haske a fili mai faɗi, tsaga mai faɗi tana tattara shi a tsakiya. Tazarar tsagogin ce ke yanke nisan da ke tsakanin ratsi, faɗinsu kuma ke yanke ratsi nawa za su samu haske.

A misalinmu, in faɗin kowace tsaga milimita 0,04 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na tazarar, ratsi na biyar a kowane gefe zai ɓace. Abin da zai rage a tsakiya shi ne huɗu dama, huɗu hagu, da na tsakiya, tara ke nan. Mai awo ya kiyaye kada ya tsallake gurbin ratsin da ya ɓace ba tare da ya ƙirga shi ba. Ga kuma hanyar gane ko tsagogin biyu suna aiki: a rufe ɗaya da bakin reza. Ƙananan ratsin za su ɓace, babban tabon haske mai faɗi ya rage. In ba abin da ya sauya, tun farko tsaga ɗaya ce hasken ke bi.

Inda ƙa'idar ta tsaya

Ƙa'idar i = λ × D / a tana aiki ne muddin ratsin suna kusa da tsakiya idan aka kwatanta da nisan bango. Milimita 13 a kan mita 4 kusurwa ce da ba ta kai rabin digiri ba, don haka lissafin ya zauna daram. Idan a ta yi ƙanƙanta har ta kusanci tsawon igiyar kanta, labarin ya sauya.

Tsohon faifan CD ya isa misali. Layukan da ke jikinsa suna da tazarar nanomita 1600, kuma suna aiki kamar tsagogi masu yawan gaske a jere. In aka haska jan lazer a kansa kai tsaye, tabo na farko yana komawa gefe da kusurwar wajen digiri 24. A bangon da ke nisan mita 1, gajeriyar ƙa'idar za ta ce tabon yana santimita 41 daga tsakiya, amma ma'auni zai nuna wajen 44. A irin wannan hali sai an koma ga cikakkiyar ƙa'ida, a × sin θ = k × λ, kuma tabban ba sa zama da tazara iri ɗaya. Launukan da ke walƙiya a bayan faifan idan rana ta buge shi daga nan suke: kowane launi yana fita ta kusurwarsa, ja a waje, shuɗi a ciki.

Ƙa'idar kuma ba ta haske kaɗai ba ce. A 1961, a jami'ar Tübingen ta Jamus, Claus Jönsson ya tura ƙwayoyin lantarki, wato elektaron, ta cikin tsagogi ƙanana ƙwarai, ya sami irin wannan ratsi. A can ma, ƙara wa ƙwayoyin gudu yana gajarta igiyarsu, ratsin ya matse, kamar yadda sauya ja da tsanwa ke yi a bangon aji.

Ga mai shirin jarrabawa, tambaya ɗaya ta isa a riƙa yi kafin a taɓa na'urar lissafi: wannan sauyi da aka kawo, zai sa bambancin hanyoyin biyu ya cika igiya guda da wuri ne, ko a makare? Igiya gajeriya, tsagogi masu rata da bango na kusa duk suna sa ya cika da wuri, ratsin ya matse. Igiya doguwa, tsagogi na kusa da juna da bango mai nisa suna jinkirta shi, ratsin ya buɗe. Lambar da lissafi zai fitar dole ta bi wannan hanya, in ba ta bi ba a sake duba sifilai.